PS4 kai tsaye ko katin ɗauka da OBS: wanne ya dace da rezon da kake da shi?

"Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da ɗan ɗakin wasa a Bukoki, PS4 biyu da tele. Ina son in riƙa nuna gasar ƙwallon da samari ke bugawa daren Asabar, a kalla kai tsaye a intanet. Wani ya ce in danna Share kawai, wani ya ce sai na sayi katin ɗauka na haɗa da kwamfuta. Kwamfutata tsohuwa ce, Core i5, RAM 8 GB, intanet kuma bokis ne na 4G. Da na auna da safe na ga 22 da 7. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa maka, sai dai kowa ya faɗi rabin magana. Kafin ka kashe ko dala a kan kati, akwai awo ɗaya da ya kamata ka sake, domin shi ne zai yanke hukunci tsakanin hanyoyin biyu. Amma bari mu bi hoton daga inda yake fitowa har inda yake zuwa, za ka ga dalili da idonka.

Nunin wasa kai tsaye aiki uku ne a jere. Ana kama hoton da na'ura ke fitarwa, ana matse shi ya ƙanƙance, sannan a tura shi ta intanet zuwa YouTube ko Twitch, su kuma su rarraba wa masu kallo. In ka danna Share, PS4 ce ke yin ukun a cikinta. Sony ta sa mata wani sashe na daban da aikinsa ke nan, shi ya sa wasan ba ya nauyi don kana nunawa. In ka bi ta kati, aikin ya rabu: kati ya kama, kwamfuta ta matse ta tura da manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce. PS4 ba ta ma san ana nuna ta ba.

A wajen kamawa, hanyar Share ba ta da wata magana. Ka haɗa asusunka na YouTube ko Twitch sau ɗaya, ka danna Share a manet, ka zaɓi Broadcast Gameplay, ka rubuta suna, shi ke nan. Muryarka tana shiga ta abin sauraren da ka soka a ƙasan manet. Iyakarta ita ce wuraren nan biyu kawai take zuwa, babu Facebook babu TikTok. Fuska ba ta fitowa sai da kyamarar PlayStation, kuma rubutun da za ka iya sawa a jikin hoton bai wuce ɗan gajeren saƙo ga masu kallo ba.

Hanyar kati kuwa a nan wahalarta take, kuma a nan mutane suka fi asarar kuɗi. Abu na farko, PS4 tana kulle hoton da ke bin wayar HDMI da wani makulli mai suna HDCP. In ba ka cire shi ba, baƙin allo za ka gani a OBS, ko hoto mai ƙyaftawa, sai ka ɗauka katin ne ya lalace. Ka shiga Settings, System, ka cire alamar da ke kan Enable HDCP. In na'urarka da Faransanci take, Activer HDCP za ka gani. Abu na biyu, ƙananan katunan nan masu araha da suka yi kama da kile, bakin HDMI ɗaya gare su, na shiga. Hoto ya shiga kwamfuta, tele ta zauna babu komai. Wasu sai su ce to a buga wasan a allon kwamfutar. Kada ka yi haka da ƴan gasa. Hoton da ya ratsa kati ya shiga OBS yana ɗan makara, ba sosai ba, amma ya isa a ce ɗan wasa ya danna bugu ƙwallo ta riga ta wuce ƙafarsa, kuma rigima za ta tashi a ɗakin. Mafita biyu ce: ko ka sayi kati mai baki biyu, na shiga da na fita, wanda ake rubuta wa passthrough ko loop out a kwali, ko ka haɗa da ƙaramin akwatin raba hoto, HDMI splitter mai shiga ɗaya fita biyu, ɗaya ta tafi tele ɗaya ta tafi kati. Ka gwada kayan a gaban mai sayarwa in zai yiwu. Yawancin masu arahar an rubuta musu 4K da USB 3.0 a jiki, alhali 4K ɗin abin da suke iya karɓa ne, abin da suke miƙa wa kwamfuta bai wuce 1080p a hoto 30 cikin daƙiƙa ko 720p a hoto 60 ba. Wannan ya ishe ka, amma ka san abin da ka saya. A cikin OBS, in ka ƙara shi a matsayin Video Capture Device, ka zaɓi girman da kanka, 1280x720, tsarin hoto kuma MJPEG. In hoton yana tafiya yana tsayawa kamar mai ɗingishi tun ba ka fara turawa ba, sau da yawa wannan wurin ne aka bari a kan wani tsari da bakin USB ɗin ba zai iya ɗauka ba.

Yanzu matsewa, don ita ce ke bayyana sauran. Hoto ɗaya na 720p ɗigo 1280 ne a kwance, 720 a tsaye, jimla 921,600. Kowane ɗigo yana cin bit 24 na launi. Ka ninka da hoto 30 a daƙiƙa, ka samu kusan megabit 660 a kowace daƙiƙa. Babu bokis ɗin da zai tura wannan. Abin da ake turawa a zahiri bai wuce megabit biyu zuwa shida ba, wato an rage shi sau ɗari zuwa ɗari uku. Tsarin da ake wannan aikin da shi, H.264, tun 2003 yake, kuma dabararsa mai sauƙin fahimta ce. A nuni kai tsaye, akan saita shi ya tura cikakken hoto sau ɗaya duk daƙiƙa biyu, tsakaninsu kuma abin da ya canza kawai yake turawa. In mutum yana zaune yana magana a gaban bango, abin da ke canzawa kaɗan ne. Amma ƙwallo fa? Kyamara tana gudu daga wannan raga zuwa waccan, ciyawa tana motsi gaba ɗaya, ƴan kallo na cikin wasan suna tsalle. Kusan komai yana canzawa a lokaci guda. Shi ya sa za ka ga hoton garau lokacin da ake shirin bugun fenariti, da an kai hari da gudu sai fili ya dagule ya koma dabbare-dabbare. Ba rezo ne ya yanke ba, bit ɗin da aka ware wa kowace daƙiƙa ne bai isa ya biya motsin ba. Wannan adadin shi ake kira debi, a OBS za ka gan shi da suna Bitrate.

To ga babban bambancin hanyoyin biyu. PS4 tana ba ka ɗan jerin zaɓi na ingancin hoto, daga ƙarami har zuwa 720p, mai Pro kuma ta kai 1080p. Ka zaɓi ɗaya, ita ta yanke yawan bit ɗin da za ta tura, ba ta tambayarka, ba ta kuma nuna maka lamba. In abu ya lalace, daga bakin masu kallo za ka ji. OBS kuwa kai ne za ka rubuta debi da hannunka, kuma tana nuna maka abin da ke faruwa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ga wanda yake da fibar mai yalwa, wannan bambancin ba ya damunsa. Ga mu masu dogaro da 4G, shi ne dalili mafi ƙarfi na sayen kati, ya fi maganar ado da sa tambari a kusurwar allo.

Kwamfutarka za ta iya? Ina kyautata zato, muddin tana kan Windows 10 ko 11 mai bit 64, don sabbin OBS ba sa hawa kan na baya. Kada ka bar wa furosesa aikin matsewar. Intel tun 2011 take sa wani sashe mai suna Quick Sync a cikin yawancin Core i5, aikinsa matse bidiyo kawai. A wurin zaɓen Encoder za ka ga x264, wanda ke amfani da ƙarfin furosesa, za ka kuma ga mai ɗauke da QSV ko QuickSync a sunansa. A debi ɗaya, x264 ya fi tsohon Quick Sync fitar da hoto mai tsabta, ba na musun wannan. Amma ka tuna ɗakin da za ka ajiye ta. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40 a waje, ɗaki cike da samari, tele biyu a kunne. Kwamfutar hannu in ta ɗauki zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai ka ga an fara lafiya, bayan rabin awa hoto ya soma tsalle. Quick Sync ba ya dafa ta haka. Ka ɗaga bayanta a kan wani abu iska ta ratsa ƙasa, ka sa a hure mata ƙurar da hunturu ya tara a fankarta, ka bar ta a jikin caja.

Mu koma kan 22 da 7 ɗin nan naka, dukansu megabit ne a daƙiƙa. Ta farko saukewa ce, ba ruwanta da wannan aiki. Ta biyu ce aikawa, ita ce taka. Amma da safe ka auna, gasar kuma da dare ake bugawa. Ƙarfin 4G na unguwa ne, ana rabawa tsakanin duk wayoyin da ke jikin eriya ɗaya. Kamar Gadar Kennedy ce: wanda ya tsallaka ta da asuba ba zai gaya maka yadda take da lokacin tashi daga aiki ba. Bayan isha'i, lokacin da kowa ya zauna yana kallon bidiyo yana kiran ƴan uwa, shi ne lokacin da za ka auna. Ka yi awon a ɗakin, bokis a inda zai zauna, sau da dama cikin daren, a ranaku mabambanta har da Asabar ɗin kanta. Ka rubuta lambobin, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Bidiyon da ake saukewa yana iya jira ya tara, amma nuni kai tsaye dole kowace daƙiƙa ta tafi a kan lokacinta, saboda haka mafi munin lokacin rezonka ne ma'auninka. Wani abu kuma, manhajar awo takan zaɓi saba, wato kwamfutar da take gwada gudun da ita, wadda ta fi kusa da kai, alhali hotonka nesa zai je. A Speedtest ana iya canza saba. Ka zaɓi ta Legas ko ta Faris ka sake aunawa, za ka samu lambar da ta fi kusa da gaskiya. Awon da PS4 ke yi da kanta a Test Internet Connection kuwa, ban cika dogara da lambar aikawarsa ba.

Bari mu ɗauka mafi ƙanƙantar da ka samu 3.5 ce, wato kilobit 3500 a daƙiƙa. Ba za ka sa debi 3500 ba. Ka bar sarari, ka yi amfani da kashi biyu cikin uku, wato wajen 2300 gaba ɗaya, hoto da sauti. A OBS zai zama haka:

```
Output (Scaled) Resolution: 1280x720
FPS: 30
Rate Control: CBR
Bitrate: 2200 Kbps
Keyframe Interval: 2 s
Audio Bitrate: 128
```

Wannan ƙasa yake da 3000 da Twitch ke ba da shawara a 720p mai hoto 30, don haka za a ga ɗan dagulewa a hare-hare masu gudu. A allon waya, inda kusan duk masu kallonka za su kalla, abin bai kai a damu ba. Kada 60 ta ruɗe ka. In ka ninka yawan hotuna ba ka ƙara debi ba, kowane hoto rabonsa ya ragu ke nan. In kuwa awon dare ya nuna maka 2 ne kacal, ka sauko 960x540 ko 852x480 da debi wajen 1200. Hoto ƙarami mai tafiya sumul ya fi babba mai tsayawa, mai kallo yakan haƙura da na farko, na biyu kuwa fita yake yi. A hanyar Share, irin wannan lissafin sai dai da lalube: ka fara da zaɓi na tsakiya, ka kalla a wata waya, in ya tsaya da ƙafarsa ka gwada na sama.

Sai forfe, don nan ne kuɗin gaske yake, ba a kati ba. Kati sau ɗaya ake saya. Debi 2200 da sauti 128 sun zama kilobit 2328 a daƙiƙa. Ka raba da 8, ka ninka da daƙiƙa 3600, ka samu giga ɗaya da ɗan ɗoriya a kowace awa. Gasar awa uku, giga uku da wani abu. Asabar huɗu a wata, ka tanadi wajen giga 13, ban da gwaji da awo, don shi ma awon yana cin mega. In da 6000 ka sa, irin yadda ake gani wajen manyan masu nuni na ƙetare, awa ɗaya za ta cinye kusan giga 2.8. Ka ɗauki farashin forfen da kake saya ka ninka da kanka kafin ka yi wa samari alƙawarin kowane mako. Ka kuma duba ko forfen yana da iyakar da in an kai ake rage gudu, kada a rage maka ana tsakiyar wasan ƙarshe.

Masu kallonka ma forfe suke saya, kuma wannan ne ya sa nake ce maka YouTube, ba Twitch ba. YouTube tana karɓar hotonka ta mayar da shi girma-girma, mai ƙaramin rezo ya zaɓi 360p ko 240p ya kalla. A Twitch, ƙaramin mai nuni ba shi da tabbacin samun wannan, sai ya zama kowa dole ya sauke daidai abin da ka tura. Ka kunna izinin nuni a YouTube tun da wuri, don bayan tabbatar da lambar waya ana iya jira har awa 24 a karon farko. A wurin jinkiri ka bar shi a Normal latency, mutane za su ga ƙwallo ta shiga raga a ɗan makare amma hoton zai fi zama daram. Ka kashe kiɗan cikin wasan daga saitinsa, saboda waƙoƙin masu haƙƙin mallaka ne, suna iya jawo wa bidiyon takunkumi. Stream Key ɗinka kuma, wato kalmar sirrin da YouTube ke ba ka ka sa a OBS, kada ka nuna wa kowa, wanda ya same shi zai iya nuna abin da ya ga dama da sunanka.

In abu ya lalace, ga yadda OBS ke raba maka masu laifi. Ka buɗe View, Stats. Layin Dropped Frames (Network) in yana hawa, rezo ne, ka rage debi. Skipped frames due to encoding lag in shi ke hawa, ko ka ga Encoding overloaded a ƙasa, kwamfuta ce ta gaza matsewa, ka koma Quick Sync ko ka rage girman hoto. Frames missed due to rendering lag kuwa sashen zanen kwamfutar ne ya yi nauyi, ka rufe burauza da sauran manhajoji, ka rage kayan adon da ka jibga. Mutane da yawa suna ɗora wa rezo laifin da na kwamfuta ne, su canza layi su sayi sabon bokis a banza. Akwai kuma wani zaɓi a Settings, Advanced, mai suna Dynamically change bitrate to manage congestion. Ka kunna shi. In rezo ya matse, OBS za ta rage debi da kanta, hoto ya ɗan dushe na ɗan lokaci maimakon ya tsaya cak.

Abubuwa biyu sun shafi duk hanyar da ka bi. Ka haɗa da waya daga bokis zuwa na'urar da ke turawa, kada ka dogara da wifi, balle PS4 ta farko mai kauri da 2.4 GHz kawai take kamawa. Sannan ka canza kalmar sirrin bokis ɗin a daren gasa. Waya ɗaya da ke tura bidiyo a WhatsApp ta isa ta cinye sararin da ka bari. In ƴan wasan a ɗaki ɗaya suke, manet biyu a na'ura ɗaya, wasan kansa ba ya buƙatar rezo. In kuwa da wani na Maraɗi ko Damagaram ake karawa ta intanet, cika hanyar aikawa zai sa saƙon manet ya tsaya layi bayan bidiyo, wasan ya yi nauyi. A wannan hali ka rage debi zuwa rabin awonka.

Ɗaukewar kuran ma tana raba su. Da Share, wuta na tafiya PS4 ta mutu, nuni ya mutu tare da ita. Da OBS, kwamfuta tana da batir, in bokis ma yana kan batir nunin bai yanke ba. Ka sa hoton "muna dawowa", ka ci gaba da hira da masu kallo har a tada injin.

Ga shawarata. Wannan Asabar kada ka sayi komai. Ka ja waya zuwa PS4, ka yi awon dare, ka buɗe nuni da Share a YouTube ka sa shi Unlisted, ka ba abokai biyu ko uku adireshin su kalla na awa guda daga wasu unguwanni su gaya maka sau nawa ya tsaya. In mafi ƙanƙantar aikawarka ta dare tana kai 5 kuma nunin bai yanke ba, ka zauna a kan Share har sai ka ga ana kallo, kuɗin kati ka sa shi a forfe da makirfo mai kyau. In tana yawo tsakanin 2 da 4, nan ne kati da OBS za su biya kuɗinsu, don za ka iya daidaita debi da abin da rezon ke iya ɗauka. In ta gaza 1.5, babu ɗayansu da zai cece ka a wannan ɗakin. Ka gwada bokis a bakin taga ko a sama, ka gwada layin wani kamfani, in duk bai canza ba ka naɗi wasan ka ɗora daga baya. PS4 tana iya naɗar har minti 60 a bidiyo ɗaya in ka saita tsawon a Sharing and Broadcasts, sai ka tura shi da asuba lokacin da rezo ya sake.